Ido Huɗu a Bayan Waya: Wanne Ke Aiki, Wanne Ne Cikon Benci?



A wannan fitowar za mu kifa waya ne mu dubi bayanta. Duk wanda ya taɓa raka wani sayen waya, ko a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a ɗan shagon unguwa, ya san abin da mai shago ke fara nunawa. Zai juya ta ya ce, "Duba, kyamara huɗu ce!" Mai saye kuma sai ya ƙirga da ido, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya ji a ransa cewa lallai ta fi waccan mai ido biyu.

Abin da muke son nunawa guda ɗaya ne. Idanun nan ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai wanda ke yin aikin da babbar kyamara ba za ta iya ba, akwai kuma wanda ke maimaita aikin da ta riga ta iya. Na farkon ya cancanci kuɗinsa. Na biyun, sau da yawa, cikon benci ne. Za mu bambance su da lissafin da ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare zai iya bi, sannan mu ba da gwajin da ba ya buƙatar komai sai rula.

Su wane ne idanun huɗu?

Bari mu ɗauki misali na gaske. A shekarar 2019 an fitar da wayoyi biyu masu matsakaicin farashi, Redmi Note 8 da Realme 5 Pro. Kowaccensu na da ido huɗu a baya, kuma a kwalinsu za ka ga jerin lambobi iri ɗaya: 48MP, 8MP, 2MP, 2MP. Daga wancan lokaci wannan tsari ya zama ruwan dare a wayoyi masu sauƙin kuɗi.

Haruffan MP na nufin megafiksel. Kowane hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne da aka jera layi-layi, kamar duwatsun ado a jikin tabarma, kuma megafiksel ɗaya shi ne ɗigo miliyan ɗaya.

Ido mai 48MP shi ne babba, shi ke ɗaukar kusan duk hotunan da muke gani. Mai 8MP shi ne ido mai faɗin gani, wanda ke kwaso wuri mai yawa a hoto ɗaya. A allon kyamara ana samunsa idan an taɓa 0.5x ko 0.6x. Mai 2MP na farko shi ne makiro, na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa sosai, kuma sunansa a allo Macro. Mai 2MP na biyu ba ya ɗaukar hoton da za ka gani ko kaɗan. Aikinsa taimaka wa babbar kyamara ta gane abin da ke kusa da abin da ke nesa, domin ta dusashe bayan mutum idan an zaɓi Portrait.

Ke nan tun kafin a je ko'ina, cikin huɗun nan uku ne kawai ke ɗaukar hoto.

Abin da ke bayan gilashin

Zoben da muke gani daga waje ba shi ne kyamarar ba. A ƙarƙashin gilashin akwai wani ɗan faranti da ke karɓar haske ya mai da shi hoto. Masu gyaran waya na kiransa sansa. Girman wannan faranti shi ne babban sirrin kyawun hoto.

Ku tuna yadda ake tarar ruwan sama da damina. Wanda ya ajiye baho da wanda ya ajiye kofi, ruwa ɗaya ne ya sauka a kansu, amma ba abu ɗaya za su kwasa ba. Haske ma haka yake. Faranti mai faɗi na tara haske mai yawa, hoto ya fito fes. Ƙaramin faranti na tara kaɗan, sai wayar ta yi ta ƙoƙarin ƙara masa ƙarfi, hoton ya fito da burbushi kamar an watsa masa yashi.

A Realme 5 Pro, farantin babbar kyamara ya kai kimanin milimita 6.4 a tsawo da 4.8 a faɗi. Idan muka ninka, mun sami kusan murabba'in milimita 31. Na ido mai faɗin gani bai wuce murabba'in milimita 10 ba, wato kashi ɗaya cikin uku na babban. Na makiro kuwa milimita 2.8 ne da 2.1, wanda ke ba da kusan 6. Ku ɗauki rula ku zana waɗannan a bayan littafi. Na makiron bai fi ƙwayar gero biyu a jere ba da wani abin kirki. Babban ya ninka shi sau biyar.

Daga waje ba za ka gane wannan ba, domin ana yi wa zobban girma ɗaya don ado. Amma idan ka haska fitila ka duba tsakiyar kowane zobe, za ka ga ƙwayar babbar kyamara ta fi sauran girma nesa ba kusa ba. Ta makiro kamar kan allura take a tsakiyar baƙin fili.

Ido mai faɗin gani: shi kam yana da aikinsa

Ga dalilin da ya sa ba mu sa wannan ido cikin 'yan cikon benci ba. Idan ka ɗauki hoto, kana iya yanke shi ka fito da tsakiyarsa, abu ya zama kamar ya matso. Amma ba yadda za a yi ka ƙara wa hoto abin da bai shiga cikinsa ba tun farko. Ana rage tuwo daga malmala, ba a ƙirƙiro wanda ba a tuƙa ba.

Babbar kyamarar waya na ganin kusurwa ta kimanin digiri 80 daga lungu zuwa lungu. Mai faɗin gani na kai wa wajen digiri 120. Realme ta rubuta 119 a kan tata. LG G5 ta shekarar 2016 na cikin wayoyin farko da suka yi suna da irin wannan ido.

Mu sauko da shi cikin aji. A ce za a ɗauki hoton 'yan ajinmu, sun jeru sun cika faɗin mita 8. Babbar kyamara, idan an riƙe wayar a kwance, na ɗaukar faɗin da ya kai nisan da ka tsaya sau ɗaya da sulusi. In ka tsaya a mita 3, za ka sami faɗin mita 4. Don ka sami mita 8, dole ka ja baya mita 6. To idan bangon aji ya tare ka a mita 3 fa? A nan ne 0.5x ke ceto, domin yana ɗaukar ninki biyu na faɗin. Daga mita 3 ɗin nan, kowa ya shiga.

Sai dai ba kyauta ba ne, kuma ya kamata mai ɗaukar hoto ya san abin da yake biya.

Na farko, ɗigon da ke akwai ake rabawa ga fili mai yawa. Hoton 8MP na da ɗigo 3,264 a tsawonsa. Idan aka shimfiɗa su a kan mita 8, wato santimita 800, kowace santimita ta sami ɗigo 4. Fuskar ɗalibi mai faɗin santimita 16 za ta sami ɗigo 65. Wannan ya isa a gane kowa. Idan idon mai 5MP ne, kamar na Samsung Galaxy A12, ɗigon 2,592 ne, fuska ta sami 52. Ana ganewa, amma an fara shiga hazo. Da a ce 2MP ne, fuskar za ta tashi da ɗigo 32 kacal, sai dai a gane mutum ta hularsa. Shi ya sa muke ganin 8MP ne mafi ƙarancin abin da ya dace da wannan ido.

Na biyu, waɗanda ke gefen hoto na shan wahala. Kawunansu kan miƙe su yi faɗi, ginshiƙin baranda ya karkace, kuma gefen ba ya fita tsaf kamar tsakiya. Maganin shi ne a bar ɗan fili a dama da hagu, kada a sa fuskar kowa a bakin hoto, a kuma riƙe wayar a miƙe daidai ƙirji, ba a ɗaga ta sama ko a sunkuyar ba.

Na uku, da zarar magariba ta yi, ƙarfinsa ya ƙare. Farantinsa sulusin na babban ne, ƙofar da haske ke shiga ma ta fi ƙanƙanta. Hoton taron dare ko na aji mai duhu, a bar wa babbar kyamara.

Akwai kuskure guda da aka cika yi. Mutum na da filin ja da baya, amma sai ya tsaya a mita 6 ya kuma danna 0.5x. Yanzu hoton ya kwaso mita 16, rabinsa sama da ƙasa da bishiyoyi, fuskar kowa ta koma ɗigo 33. Ƙa'idar ita ce: in akwai wurin ja da baya, ja da baya da ƙafarka ka yi amfani da babbar kyamara. In bango ya tare ka, sannan ka kira mai faɗin gani.

Makiro mai 2MP: mu yi masa lissafi

Yanzu ga wanda ake tuhuma. Hujjar da ake bayarwa don sa shi gaskiya ce a kan kanta. Babbar kyamara ba ta iya ganin abin da ya matso ta sosai. Ku gwada da idonku: ku kawo yatsa dab da hanci, za ku ga ya dushe. A irin waɗannan wayoyi, babbar kyamara kan daina gani tsaf idan abu ya matso ƙasa da wajen santimita 10. Makiro kuwa an yi shi ne ya gani daga kusa. Na Realme 5 Pro, santimita 4 aka tsara masa.

To matsowa kusa na nufin ganin abu dalla-dalla? Mu gwada da aikin darasin noma. Malam ya ce a kawo hoton ƙwayar wake da ƙwaro ya huda. Tsawon ƙwayar santimita 1.

Mu fara da makiro. Hoton 2MP na da ɗigo 1,600 a tsawo da 1,200 a faɗi. Mu ɗauka kusurwar ganinsa daidai take da ta babbar kyamara, wato faɗin hoto ya kai nisa sau ɗaya da sulusi. Daga santimita 4, zai ɗauki faɗin kimanin santimita 5.3. Raba 1,600 da 5.3, ka sami kusan 300. Ƙwayar wakenmu ta sami ɗigo 300 daga kai zuwa gindi.

Sai babbar kyamara. Ko da yake an rubuta 48MP, a aikin yau da kullum tana haɗe ɗigo huɗu-huɗu su zama ɗaya don su tara haske, sai ta ba da hoton 12MP mai ɗigo 4,000 a tsawo. Daga santimita 10, za ta ɗauki faɗin kimanin santimita 13.3. Raba 4,000 da 13.3. Amsa: kusan 300.

Kun gani? Kunnen doki. Makiro ya matso ninki biyu da rabi, amma babbar kyamara ta fi shi ɗigo a tsawo ninki biyu da rabi. Abin da ya samu ta nan, ya zubar ta can. Idan ka ɗauki waken da babbar kyamara daga santimita 10, ka shiga Edit ka danna Crop ka yanke gefe-gefen, za ka fito da hoto mai girman na makiron.

Kuma kunnen dokin a lissafin ɗigo ne kawai. A sauran abubuwa babbar kyamara ce gaba, saboda dalilai uku.

Dalili na farko shi ne saitin gani. Babbar kyamara na motsa gilashinta gaba da baya har abu ya fito tsaf, kana iya taɓa allo ka nuna mata inda kake so. Makiro mai 2MP galibi a kafe yake. Nisa ɗaya ya sani. Kai ne za ka yi ta matsar da hannu gaba da baya kana neman wurin, kuma in ka kauce da ɗan kaɗan, hoton ya dushe. Tururuwa ba za ta tsaya jiranka ba.

Dalili na biyu shi ne inuwa. A nisan santimita 4, wato kaurin yatsu biyu zuwa uku, jikin wayar kansa na tare hasken da zai sauka a kan waken. Idon da ya fi kowa ƙishirwar haske shi ne kuma ke aiki a cikin inuwar da ya jawo wa kansa. Daga santimita 10, haske na shigowa ta gefe ba tare da cikas ba.

Dalili na uku shi ne launi. Kamfani kan kashe ƙoƙarinsa wajen gyara yadda babbar kyamara ke fitar da launi da daidaita haske da duhu. Hoton makiro mai arha yakan fito a koɗe, fari ya ƙone, ja ya koma kamar tsohon yadi. A darasin noma ko na halittu, inda launin tabon ganye ke nuna irin cutar, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Inda makiro ke da gaskiya

Ba za mu yi masa kuɗin goro ba. Lissafinmu ya tsaya ne a kan lambobi biyu, santimita 4 da santimita 10, kuma in suka canza, amsa ta canza.

Akwai wayoyin da babbar kyamararsu ba ta gani tsaf sai daga wajen santimita 15. A nan faɗin hoto ya zama santimita 20, wake ya sami ɗigo 200 kawai, makiro ya wuce gaba da 300 ɗinsa. Haka nan idan makiron na iya matsowa ƙasa da santimita 4, rabonsa zai ƙaru.

Sannan akwai makiro mai 5MP, irin na Samsung Galaxy A51. Ɗigo 2,592 a kan santimita 5.3 na ba da kusan 490 ga ƙwayar wake. Wannan riba ce ta gaske. Redmi Note 10 Pro ta 2021 ta ƙara da wani abu: makironta 5MP ne, yana saita ganinsa da kansa, kuma yana jawo abu kusa. Irin wannan ba cikon benci ba ne.

Abin lura kuma shi ne yadda manyan wayoyi ke yi. iPhone 13 Pro, ita ma ta 2021, na ɗaukar hoto daga nisan santimita 2, amma ba ta da wani ido na makiro daban. Idonta mai faɗin gani ne aka ba ikon saita gani, yake yin aikin biyu. Wato inda ba a tsumulmular kuɗi, ba a ga buƙatar ƙara zobe ba. An inganta wanda ke akwai ne.

To me ya sa ake saka shi?

Amsar tana kan kantar mai shago. Mai saye ba zai iya auna girman faranti a tsaye ba, ba zai iya gwada hoton dare da rana tsaka ba. Abin da zai iya cikin daƙiƙa biyu shi ne ƙirga zobba. Kamfanoni sun san haka.

Kyamara mai 2MP da ba ta motsi na cikin mafi arhar kayan da ake sa wa waya. Inganta babbar kyamara kuwa, ko sa mata abin hana rawar hannu, ya fi tsada sosai, kuma ba a ganinsa daga waje. Idan kai ne mai kamfani, kana da ɗan canji kaɗan da za ka ƙara a kan kowace waya, ga zaɓi biyu: gyaran da ba wanda zai gani a shago, ko zobe na uku da zai ba ka damar rubuta babban adadi a kwali, wayar kuma ta yi kama da ta masu kuɗi. Ba sai an faɗa ba.

Duba Samsung Galaxy A03s ta 2021. Ido uku ne da ita: 13MP, 2MP, 2MP. Na biyu makiro, na uku na zurfi. Babu mai faɗin gani. Duk hoton biki, na aji, na takardar sakamako, ido ɗaya ne zai ɗauka. Ba Samsung kaɗai ba, kusan duk masu yin wayoyi masu arha sun bi wannan hanya. A wasu wayoyin ma za ka ga an rubuta QVGA a gaban ido na ƙarshe. Wannan na nufin ɗigo 320 sau 240, jimilla 76,800, ko kashi ɗaya cikin goma na megafiksel ɗaya bai kai ba.

A ɗaya ɓangaren, Google Pixel 4a da iPhone SE na shekarar 2020 kowaccensu ido ɗaya tak gare ta a baya, mai kimanin 12MP, kuma an san su da kyawun hoto fiye da tarin wayoyi masu ido huɗu na zamaninsu. Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ban da a bayan waya, domin idanun ba taruwa suke su ɗauki hoto ɗaya ba. In ka danna, galibi ɗaya ne ke aiki, sauran na kallo. Kada kuma a tara lambobin: 48 da 8 da 2 da 2 ba su zama kyamara mai 60MP ba.

Ba muna cewa an yi ƙarya a kwali ba. Idon na nan, yana kuma yin abin da aka ce. Abin da ba a faɗa ba shi ne cewa ba ka buƙatarsa.

Gwajin rula

Gani ya kori ji. Tunda ba a shigo da waya makaranta, a yi wannan a gida da wayar Baba, ko Mama, ko Yaya, bayan an nemi izini.

Da farko, a sami rula mai santimita, a shimfiɗa ta a tabarma ko tebur kusa da taga da rana. A goge gilashin kyamarorin da tsumma mai laushi, domin maiƙon yatsa kaɗai na iya ɓata sakamako.

Na biyu, a buɗe kyamara a 1x, a riƙe wayar a kwance yadda rular za ta bi tsawon allo. A riƙa matsowa a hankali har layukan rular su fara dushewa, sai a ɗan ja baya su dawo tsaf, a ɗauka. A ƙirga santimita nawa suka shiga hoton daga wannan gefe zuwa wancan.

Na uku, a shiga Macro, wanda a wasu wayoyin yana ɓoye cikin More ko yana da alamar fure. A nemo nisan da layukan suka fi fita, a ɗauka, a ƙirga santimitocin.

Na huɗu, a buɗe kowane hoto a duba Details. Za a ga lambobi biyu, kamar 4000x3000 ko 1600x1200. A ɗauki babbar lambar a raba ta da santimitocin da aka ƙirga. Wanda ya ba da amsa mafi girma shi ya fi zuba ɗigo a kan abu.

Na biyar, kada a tsaya a lissafi. A buɗa hotunan biyu da yatsa har santimita ɗaya ta cika allo, a duba wanne ne layukan milimita suka fi fita baƙi ƙirin, ba tare da burbushi ba. Sannan a sake gwajin duka bayan magariba a ƙarƙashin ƙwan ɗaki. A nan ne bambancin baho da kofi zai bayyana.

Akwai ƙarin gwaji ga mai son sani. A rufe idanun ɗaya bayan ɗaya da yatsa ana kallon allo, a 1x, a 0.5x, da Macro. Duk wanda ka rufe allo ya yi duhu, shi ke aiki a lokacin. Wanda ka rufe a ko'ina ba abin da ya canza, ka san ba shi da hoton kansa.

Idan an tashi saye

Duk wanda aka nemi shawararsa a gida, ga abin da za mu ce ya yi. Ya bar zobba, ya karanta jerin lambobin kyamara a kwali. Ya soke duk abin da aka rubuta 2MP ko QVGA. Abin da ya rage shi ne ainihin adadin kyamarorin wayar. Da wannan ma'auni, 48, 8, 2, 2 ido biyu ce, 13, 2, 2 kuma ido ɗaya.

Idan wayoyi biyu farashinsu ɗaya, ɗaya na da 50MP da 8MP mai faɗin gani, ɗaya na da 50MP da 2MP da 2MP, ta farkon mai zobe biyu ta fi ta biyun mai zobe uku amfani. Idan kuwa duka ba su da mai faɗin gani, a manta da ƙananan idanun gaba ɗaya, a gwada babbar kyamarar kowacce a lungun shago mafi duhu, sannan a duba batir da ma'ajiya. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Muna roƙon duk wanda ya yi gwajin rula ya rubuto mana sunan wayar, santimitocin da ya ƙirga, da amsoshin rabawarsa biyu, ya jefa a akwatin kulob. Za mu jera su a wannan allo a fitowa ta gaba, mu ga a wace waya makiro ya ci, a wacce ya faɗi. Malamanmu na lissafi da na kimiyya kuma, muna jiran gyaranku a kan alƙalumanmu.

Wassalam.

Daga kulob ɗin 'yan jarida na makaranta.